Shafin farashi na sabis ɗin biyan wata-wata: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyin masu ƙananan kamfanonin manhaja a nan Kaduna ne ke yawan maimaita su idan sun zo haɗa shafin da kwastoma zai ga farashi ya zaɓi tsarin da zai riƙa biya. Don kar magana ta watse na ɗauki misali guda na bi shi har ƙarshe, wato manhajar da mai shago ke rubuta cinikinsa da bashin da yake bin mutane, irin wadda za a tallata wa 'yan Kasuwar Bacci ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Farashin tsare-tsaren da za ku gani na misali ne kawai, kowa ya sa nasa.

1. Dole ne sai na rubuta farashi a fili? Ba zan ce kawai a tuntuɓe ni ta WhatsApp ba?

In abin da kake sayarwa na dubu uku ne ko dubu bakwai a wata, toh ka rubuta. Mai shagon da ya ga "tuntuɓe mu don jin farashi" abu biyu ke zuwa masa a rai, ko dai abin ya fi ƙarfinsa ko kuma farashin ya danganta da fuskar wanda ya tambaya, kuma da yawa ba za su ma yi magana ba, rufe shafin kawai za su yi don kunyar su tambaya a faɗa musu kuɗin da ba su da shi. Kai kuma za ka wuni kana amsa "nawa ne" maimakon ka yi aikinka.

Inda "a tuntuɓe mu" ke da ma'ana shi ne babban kwastoma mai rassa da yawa wanda sai an zauna an ga buƙatarsa. Ko shi ɗin ma ka rubuta inda farashin ya fara, misali "daga ₦18,000 a wata". Maɓallin WhatsApp ya zauna a shafin, amma aikinsa amsa sauran shakku ne bayan mutum ya riga ya ga farashi.

2. Tsari nawa ya kamata in saka?

Uku ya ishe ka, biyu ma ba laifi in sabis ɗin sabo ne. Dalili ba wani sirri ba ne, kowane tsari da ka ƙara sai kwastoma ya gwada shi da duk sauran, kuma a waya yake karantawa wataƙila ma ana ciniki a gabansa. Gwajin da zaka yi shi ne: kowane tsari ka iya faɗin irin mutumin da aka yi shi dominsa a jimla ɗaya. In ka kasa, ko kuma jimlar tsari na biyu da ta na uku suka zo iri ɗaya, toh ɗaya daga ciki ba shi da aiki, cire shi.

3. Da me zan bambanta tsare-tsaren? Ina da abubuwa kusan ashirin a manhajar.

Nan ne aikin yake gaskiya, kuma nan aka fi yin kuskure. Mutum zai ɗauki abubuwa ashirin ɗin ya rarraba su, bakwai nan, goma sha uku can, sai kwastoma ya zauna yana lissafin alamomi bai san me ya shafe shi ba. Abin da ya fi shi ne ka nemo ma'auni guda ɗaya wanda ke girma idan kasuwancin kwastoma ya girma, kuma wanda shi da kansa ya san adadinsa ba sai ya yi tunani ba. A manhajar shago wannan ma'aunin shi ne mutum nawa ne za su riƙa shiga su rubuta ciniki. Kowane mai shago ya san ko shi kaɗai ne, ko yana da yara biyu, ko yana da shago a Kawo da wani a Tudun Wada.

Sai tsarin ya fito haka: Ƙaramin Shago ₦3,000 a wata, mutum ɗaya, shago ɗaya. Babban Shago ₦7,500 a wata, har mutum huɗu, kuma maigida yana ganin abin da kowane yaro ya rubuta. Mai Rassa ₦18,000 a wata, har shago biyar, da lissafin kowane reshe daban. Kaga mutum yana karanta layin farko ya san nasa.

Ka guji ma'aunin da mutum ba zai iya hasashensa ba, kamar "ciniki 500 a wata". Wa ke ƙirga cinikinsa? Kuma mugun abin shi ne a makon sallah da kasuwa ta buɗe ne zai cika adadin, manhajar ta tsaya masa daidai lokacin da ya fi buƙatarta, wannan kwastoman ka rasa shi kuma sai ya faɗa wa maƙwabtansa na layi. Haka kuma kar ka cire abin da shi ne asalin amfanin manhajar daga ƙaramin tsari, in mutum ba zai iya rubuta bashi ba a Ƙaramin Shago toh me ka sayar masa.

4. Sunan tsarin yana da wani tasiri ne?

Yana da shi. Sunaye irin su Tagulla, Azurfa, Zinare suna nuna wanne ya fi tsada ne kawai, ba sa faɗa wa mutum wanne ne nasa, kuma ba wanda ke son a kira shi mai tagulla. Sunan da ke siffanta mai saye, kamar waɗanda ke amsa ta 3, yana yin rabin aikin kwatanci tun kafin a kai ga tebur.

5. Me da me zan saka a cikin akwatin kowane tsari?

A jere daga sama: suna, jimla ɗaya ta wanda ya dace da shi, farashi da manyan lambobi tare da "a wata" a kusa da shi ba a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe ba, maɓalli, sannan abubuwa huɗu ko biyar da suka bambanta shi da na ƙasa da shi. A tsari na biyu ba sai ka sake jero komai ba, ka rubuta "duk abin da ke Ƙaramin Shago, da ƙarin:" sai ka kawo sabbin kawai. Kuma ka rubuta abin da mutum zai samu da irin maganarsa, "za ka ga wanda ya rubuta kowane ciniki da lokacin da ya rubuta" ya fi wani sunan fasaha da kai da mai haɗa manhajarka ne kaɗai kuka san shi.

Maɓallin ya faɗi abin da zai faru in an danna, "Fara gwajin kwana 14" ko "Biya ₦7,500". Batun alamar nan ta "wanda aka fi saye" da ake liƙa wa tsarin tsakiya, tana taimakawa wanda ya rasa na zaɓa, amma don Allah in ba gaskiya ba ce kar ka saka. In sabis ɗin sabo ne ba ka da adadin da za ka dogara da shi, rubuta "ya dace da shago mai yara biyu zuwa uku", wannan ba ƙarya a ciki kuma ya ma fi amfani.

6. Teburin kwatanci nawa yana kyau a kwamfuta amma a waya sai ya tarwatse. Ya zan yi?

Ka fara tsara shi don waya, kwamfuta ta biyo baya, don kusan duk mai shagon da zai buɗe shafin a waya zai buɗe. Faɗin fuskar wayoyin Android da yawa wajen pixel 360 ne a lissafin burauza, in ka cire gefe da gefe ka raba saura gida huɗu, wato sunan abu da tsare-tsare uku, kowane gida bai kai 90 ba. Alamar ✓ ko lamba kamar 4 za ta shiga, jimla ba za ta shiga ba. Saboda haka akwatunan amsa ta 5 su jeru ɗaya bisa ɗaya, teburin ya zo a ƙasansu, sunan kowane abu ya ɗauki layinsa shi kaɗai, amsoshin tsare-tsaren uku su zo a layin da ke ƙasa.

Abu na biyu, idan mutum ya gangara ƙasa sai sunayen tsare-tsaren su ɓace ya manta wane gida ne na wa. Maganinsa a manne layin sunayen a sama, mai haɗa maka shafin ya san wannan:

```css
thead th { position: sticky; top: 0; background: #fff; }
```

Teburin kansa kar ya wuce layi goma zuwa sha biyu. Duk abin da tsare-tsaren uku suka yi tarayya a kansa ka fitar da shi daga teburin ka rubuta a sama "kowane tsari yana da kaza da kaza", don layin da ke ✓ ✓ ✓ ba abin da yake kwatantawa. Inda akwai adadi ka rubuta adadin, kamar 1 ko 4, kar ka rubuta "kaɗan" ko "da yawa". Kuma kar ka dogara da launi kaɗai, kore da ja, akwai masu matsalar bambance su, ga kuma hasken rana a bakin shago da ke wanke launin fuskar waya.

7. Farashin wata zan nuna ko na shekara?

Duka biyun, amma na wata ya fara bayyana, da wurin dannawa a koma na shekara. Wanda bai san ka ba ba zai ba ka kuɗin wata goma sha biyu a karon farko ba.

Ga lissafin da Babban Shago: ₦7,500 sau 12 ya kama ₦90,000. In ka sa na shekara ₦75,000, rangwamen ₦15,000 ne, wato daidai kuɗin wata biyu. Ka rubuta "wata biyu kyauta" ko "ka rage ₦15,000", ya fi shiga kai nan take a kan ka ce kashi 16.7 cikin ɗari. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne dabarar nan ta rubuta ₦6,250 a wata da manyan lambobi, alhali ₦75,000 za a cire a lokaci ɗaya, mutum ya danna yana tsammanin dubu shida ya ga an nemi dubu saba'in da biyar. In za ka nuna ₦6,250 ɗin toh a ƙasansa kai tsaye ka rubuta "ana biyan ₦75,000 sau ɗaya a shekara", da girman da ido zai gani.

8. Harajin VAT da cajin kamfanin karɓar kuɗi fa, a ciki zan sa su ko a kai?

Lambar da ke shafin farashi ita ce lambar da ya kamata ta fito a alat ɗin kwastoma, wannan shi ne ƙa'idar da nake bi. VAT a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun Fabrairun 2020. In ka rubuta ₦7,500 sannan a wurin biya ya koma ₦8,062.50, bambancin ₦562.50 ne kawai amma mutum zai ji kamar an yi masa wayo, kuma a daidai lokacin da zai saka lambar katinsa, lokacin da ya fi kowanne ɗar-ɗar. In ka bar shi ₦7,500 har da haraji, naka wajen ₦6,977 ne, ₦523 na gwamnati, sai ka rubuta "har da VAT" a ƙarƙashin farashin. Ba kowane ƙaramin kamfani ne doka ta ɗora wa karɓar VAT ba, ya danganta da girman cinikinsa a shekara, don haka ka zauna da akanta kafin ka rubuta komai a kai.

Cajin masu karɓar kuɗi kuma naka ne, ka lissafa shi cikin farashi tun farko. Paystack misali sun daɗe a kan kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin ₦100 a biyan cikin gida, ba sa ɗaukar ₦100 ɗin in kuɗin bai kai ₦2,500 ba, kuma cajin ba ya wuce ₦2,000. A kan ₦7,500 ya kama ₦212.50, sau 12 ₦2,550 kenan, amma wanda ya biya ₦75,000 a dunƙule ₦1,225 kawai za a cire maka, kaga wani ɓangare na rangwamen amsa ta 7 yana dawowa ta nan. A kan ₦3,000 kuwa cajin ₦145 ne, kusan kashi biyar cikin ɗari, ƙaramin tsari shi ya fi jin jiki. Ka duba shafinsu ranar da kake lissafi don irin waɗannan lambobin suna canzawa.

9. Mutane suna tsoron a riƙa cire musu kuɗi daga kati ba da saninsu ba. Me zan rubuta?

Tsoron nan yana da dalili, kusan kowa an taɓa sa layinsa a wani sabis da ke cinye masa katin waya bai san ranar da ya shiga ba. Kar ka yi musu da shi, ka ba shi zaɓi biyu a fili. Na farko biya da katin ATM wanda ke sabunta kansa duk wata. Na biyu taransifa ko USSD, wanda ba ya sabunta kansa, in wata ya ƙare sai mutum ya sake turawa da hannunsa. Na biyun zai sa wasu su makara wajen biya, haka ne, amma 'yan kasuwa da yawa a nan ta taransifa suke komai kuma wasu sam ba sa saka katinsu a intanet, in ka hana wannan hanyar su ka kora.

Ga mai kati kuma, ka rubuta a kusa da maɓallin biya abu uku: nawa za a cire, wace rana, da yadda zai dakatar. Misali "Za a cire ₦7,500 ranar 5 ga kowane wata. Za mu turo maka saƙo kwana uku kafin nan. Kana iya dakatarwa a cikin manhajar duk lokacin da ka so." Sannan ka tabbatar saƙon yana zuwa da gaske, don alkawarin da aka rubuta ba a cika ba ya fi rashin rubutawar muni.

10. Gwajin kyauta: in nemi kati kafin a fara ko a'a?

Ga irin kwastomomin amsa ta 9, kar ka nema, kuma ka rubuta "ba a buƙatar kati" a ƙarƙashin maɓallin. Tsawon gwajin ya kai lokacin da mutum zai ga amfanin abin, a manhajar bashi sai an rubuta bashi an kuma zo an biya kafin ya ga daɗinta, kwana uku ba za su isa ba, mako biyu ya fi. Ka kuma faɗi abin da zai faru ran da gwajin ya ƙare, duba amsa ta 11.

11. Waɗanne tambayoyi zan amsa a ƙasan shafin?

Waɗanda ake yi maka da gaske. Buɗe WhatsApp ɗinka ka karanta hirarrakin mutanen da suka tambayi farashi ba su saya ba, tambaya ta ƙarshe da suka yi kafin su yi shiru ita ce shakkar da shafin bai amsa ba. Ka rubuta ta yadda suka yi ta. A manhajar shago yawanci za ka tarar da irin su: in na daina biya littafin bashina zai ɓace? In wayata ta ɓata ko aka sace fa? Tana aiki in babu sabis? Yarona zai iya goge ciniki ban sani ba? Wa ke iya ganin lissafina? Ana mayar da kuɗi?

Ta farkon ita ce babba, don mutum na ba ka amanar sunayen masu bashinsa ne. Amsar ta zama da lambobi: "In ka daina biya ba za ka iya rubuta sabon ciniki ba, amma za ka iya buɗe tsofaffin bayananka ka kuma sauke su har kwana 90." Kowace amsa ta fara da e ko a'a sannan bayani ya biyo, kuma in amsar a'a ce ka faɗe ta, "ba ma mayar da kuɗin wata da aka riga aka fara" ya fi a yi shiru sai rigima ta taso. Batun wa ke ganin bayanai kuma ba kwantar da hankali kaɗai ba ne, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi kamfanonin da ke riƙe sunaye da lambobin wayar mutane, don haka abin da ka rubuta ya zama abin da kake yi. Tambaya shida zuwa takwas sun isa, irin su "me ya sa manhajarku ta fi kowace" ba tambaya ba ce talla ce, ba wanda ya taɓa yin ta.

12. In mutum ya so canza tsari a tsakiyar wata fa?

Ka rubuta lissafin da misali. Mai Ƙaramin Shago ya biya ₦3,000, bayan kwana 15 ya ɗauki yaro yana son Babban Shago. Saura rabin wata, kuɗinsa da bai ci ba ₦1,500 ne, rabin watan Babban Shago ₦3,750, sai ya cika ₦2,250, wata mai zuwa ya fara biyan ₦7,500 cikakke. Saukowa ƙasa kuma ya fara aiki a ƙarshen watan da aka riga aka biya, kuma ka faɗa masa me zai faru da yaran da ya ƙara, za a rufe shigarsu amma abin da suka rubuta yana nan. Sanin cewa ana iya hawa daga baya shi ke sa mai shakka ya fara da ƙarami maimakon ya tafi gaba ɗaya.

13. In farashi zai ƙaru nan gaba, in faɗa tun yanzu?

E, layi ɗaya ya isa: za a sanar kwana 30 kafin ƙari, kuma wanda ya biya shekara farashinsa ba zai taɓu ba sai shekararsa ta cika. In kana biyan kuɗin saba, wato kwamfutar da ke riƙe manhajarka a intanet, da dala kana karɓar naira, ƙarin zai zo ko ba jima ko ba daɗe, kuma wannan layin wani dalili ne mai ƙarfi na sayen tsarin shekara na amsa ta 7.

14. Ta yaya zan gane shafin ba ya aiki, kuma ina matsalar take?

Kafin ka duba wasu alƙaluma, ɗauki waya ka je wurin masu shago biyar da ba su san manhajar ba, ka miƙa musu ka yi shiru. Bayan minti ɗaya ka tambayi kowa: wanne ne naka, nawa za ka biya, in kana so ka daina ya za ka yi? Duk tambayar da biyu daga cikinsu suka kasa amsawa, laifin shafin ne. Kar ka yi musu bayani ko da bakinka yana ƙaiƙayi, don ranar da za su buɗe shi a gida ba ka wurin.

Bayan an fara amfani da shi, inda mutane ke tsayawa shi zai nuna maka. In suna buɗe shafin ba sa danna kowane maɓalli kuma suna turo "wanne ya dace da ni", matsalar rabon tsare-tsare ce, koma amsa ta 3. In suna dannawa su kai wurin biya su gudu, ko lambar ta canza musu ko hanyar biyan da suke so babu, duba ta 8 da ta 9. In suna biya sannan a wata na biyu su zo da faɗa an cire musu kuɗi, bayanin sabuntawa ne bai fito ba. In kuma kusan kowa Ƙaramin Shago yake ɗauka har masu yara uku, suna raba lambar sirri ɗaya a tsakaninsu, toh ba su ga abin da ƙarin ₦4,500 ɗin zai ba su ba, sai ka ɗaga layin nan na "za ka ga wanda ya rubuta kowane ciniki" ya zama na farko a akwatin Babban Shago. Ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda ka ba shi wata guda, in ka canza farashi da suna da tebur a rana ɗaya ba za ka san wanne ya yi aikin ba.